Taurarin Sallah a ɗakin auta

Saura kwana uku ƙaramar Sallah na ce bari in ƙawata wa auta ɗakinta, a gidanmu da ke Tudun Wada, Gusau. Shekararta uku, kuma tsoron duhu take yi sosai idan an ɗauke wuta.

Na zana tauraro a kan kwali, faɗinsa kamar tafin hannuna, na riƙa ɗora shi a kan takarda mai ƙyalli ina yankawa da almakashi. Na samu guda 20, da jinjirin wata babba. Na jera su a zare, na rataya a bangon da gadonta yake, mita ɗaya da rabi daga ƙasa. A tsaye hannunta bai kai wurin ba, sai hankalina ya kwanta.

Da asuba na tarar da ita tsaye a kan katifa, zaren ya naɗe mata hannu, tauraro ɗaya a baki. Gabana ya faɗi. Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, yaro a ƙasa kaɗai yake tsayawa?" Gadon da katifarsa sun kai rabin mita. Idan ta miƙa hannu tana taɓa mita ɗaya da santimita 20, in ta hau gado kuwa ya zama mita ɗaya da 70. Daga ƙasa na auna, alhali daga saman katifa ya kamata. Da a wuya zaren nan ya naɗe, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Ranar na cire zaren gaba ɗaya. Na manna kowane tauraro shi kaɗai, daga mita biyu zuwa sama, a bangon da ke fuskantar gadon, inda za ta gan su tana kwance. Dama fanka na ta kaɗa na rataye. Salatef ma zafi na sakin shi, don haka kowane sai da na manna masa ta wuri biyu.

Fitila kuwa akasin haka ce, ƙasa take so. Farar da na fara ɗorawa a kan durowa cikin ido take haska ta, ga ƙwari da take tarawa. Na canza da ƙarama mai caji, mai haske ruwan ƙwai, na kafa ta a bango kamar kamu ɗaya daga ƙasa, kusa da ƙofa, nesa da labule da gidan sauro. Na bar ta kunne awa ɗaya na taɓa, ba ta yi zafi ba. Mai ƙaramin batir irin na agogo ban yarda da ita ba, yaro na iya haɗiye shi ya ƙona masa maƙogwaro.

Daren Sallah tana cikin ƙirga taurarin, a na bakwai barci ya ɗauke ta.