Hoton bango da taken bidiyo: aikin da muka yi wa wani mai kiwon kaji

Shagona ƙarami ne, a hawa na biyu na wani bene a Kano, mu uku ne a ciki da kwamfuta biyu. Da farko katin aure da kalandar bikin suna muke tsarawa. Yanzu fiye da rabin aikinmu na masu tashar YouTube ne: su kawo bidiyo, mu rubuta masa take, mu haɗa masa hoton bango, wato ɗan hoton nan da mutum ke gani kafin ya danna. Masu girki, masu gyaran waya, malaman islamiyya biyu, da wani bawan Allah mai kiwon kaji a bayan gari, wanda aikinsa ne ya sauya mini yadda nake wannan sana'a.

Bidiyon da ya kawo na minti tara ne. Ya sayo tsaki ɗari a tsakiyar hunturu, ashirin da uku suka mutu a satin farko, ya zauna ya yi bayanin dalili ba tare da ɓoye komai ba. Kaskon gawayi ɗaya ya sa musu a ɗaki mai faɗi, dare ya raba gawayin ya ci ya cinye, sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa, tsakin suka taru a kusurwa ɗaya suna hawa kan juna, na ƙasa suka shaƙe. Ya nuna yadda ake gane halin da suke ciki da ido: in sun cunkushe kusa da wuta sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha to an dace. Ilimi ne mai amfani, wanda ya biya kuɗinsa da asara.

Ni kuma na ɗauki wannan bidiyo na yi masa abin da a lokacin nake ganin shi ne gwaninta. Na rubuta "SIRRIN DA ZAI HANA KAJINKA MUTUWA HAR ABADA". A hoton na sa wata kwalba da na dusashe rubutunta, na zagaye ta da jan da'ira, na ɗora kibiya. Babu kwalba ko ɗaya a cikin bidiyon. Da ya gani ya ɗan yi jim, ya ce, "Malam, ai ni ban yi maganar magani ba." Na ce masa, "Alhaji, bari kawai su shigo, in sun shigo za su amfana." Ya yarda don yana ganin ni na san aikin.

Sun shigo kuwa. A YouTube Studio, inda mai tasha ke duba yadda bidiyonsa ke tafiya, akwai wani adadi mai suna Impressions click-through rate, wanda ke nuna cikin kowane mutum ɗari da aka nuna wa hoton, nawa suka danna. YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 ne zuwa 10 cikin ɗari. Namu ya kai 11 a kwana biyun farko. Na yi murna har na kira shi. Sai a kwana na uku na buɗe ɗaya zanen, wanda ke nuna inda masu kallo suke tsayawa da inda suke fita. Layin ya faɗo kamar an tura shi daga kan katanga. Kafin daƙiƙa talatin ta cika, kusan biyu cikin uku sun tafi. Waɗanda suka rage kuma ana ganin alamar suna jan bidiyon gaba, suna neman kwalbar da na yi musu alkawari. A ƙasa wani ya rubuta, "Ina maganin? Kun cinye mana data a banza." Wani tsohon mai bibiyarsa ya ce, "Haba Alhaji, kai ma ka fara?"

Wannan ta biyun ita ta fi yi masa ciwo, ni ma ita ta fi tsaya mini a rai. Mutumin yana sayar da kaji da ƙwai ga mutanen da suke kallonsa. Ni na ɗauki sunan da ya shekara yana ginawa na saye dannawar kwana biyu da shi. Kuma ko ta fuskar lissafi ban ci riba ba, domin YouTube ba dannawa kaɗai yake dubawa ba, yana duba ko wanda ya danna ya zauna. Da ya ga mutane na shiga suna fita, sai ya rage nuna bidiyon. Kafin sati ya zagayo ya kwanta.

Muka zauna muka sake shi, kuma tun daga ranar haka nake yi wa kowane aiki. Ina kallon bidiyon daga farko har ƙarshe da biro a hannu, in rubuta jimla ɗaya: wanda ya kalli wannan, da me zai tashi? A nan amsar ita ce zai san abin da ya kashe tsakin da yadda zai gane sanyi ko zafi daga zamansu. Duk abin da take da hoto za su faɗa, dole ya fito daga cikin wannan jimlar. Daga nan sai in nemi abin da ya fi jan hankali wanda kuma gaskiya ne. Kusan kullum yana nan, mai bidiyon ne ya saba da shi har ya daina ganinsa. A nasa, adadin ne. Duk wanda ya taɓa kiwo, ko yake shirin zuba kuɗinsa, in ya ji ashirin da uku cikin ɗari a sati guda sai gabansa ya faɗi. Sabon taken ya zama "Tsaki 23 cikin 100 suka mutu a satin farko: kuskuren da na yi wajen ɗumama su".

A lura, ban faɗi kuskuren a take ba. Ɓoye amsa ba yaudara ba ne, matuƙar amsar tana ciki kuma girmanta ya kai yadda aka kwatanta. Mai tsire yana barin ƙamshi ya kai bakin titi, ba wanda zai ce ya cuce shi, sai in ya zo ya tarar ba nama. Abin da na yi a karon farko shi ne ƙamshin abin da ba mu dafa ba. Na kuma sa adadin a farkon jimla da gangan. YouTube yana barin take ya kai harafi 100, amma a waya yakan yanke na dogo ya sa ɗigo uku, kuma masu kallonmu kusan duk a waya suke. Abin da ya fi nauyi sai ya zo gaba.

Hoton kuwa daga cikin bidiyon na ciro shi, wurin da tsakin suka taru a kusurwa, kaskon gawayi a gefe ya zama toka. Na ƙara masa haske, na yanke gefe don su cika fuska, ban ƙara ko tsako ɗaya ba. Kalma biyu kawai na rubuta: "SANYI NE?" Ba na maimaita take a kan hoto, asarar wuri ce, gara hoto ya nuna, take ya yi bayani. Girman da muke aiki da shi 1280 a 720 ne, amma kafin in miƙa sai na tura wa wayata na duba shi ƙarami kamar kwalin ashana, a tsakar rana a bakin taga. In sai na matso da ido kafin in karanta, rubutun ya yi yawa. Kusurwar dama ta ƙasa kuma ina barinta fili, don nan YouTube ke ɗora tsawon bidiyo, ya rufe duk abin da ke wurin. Wani abu da ke ba mu wahala mu masu rubutun Hausa shi ne yawancin salon haruffa masu kauri ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta ƙwai sai ka ga akwati a madadin harafin farko, ko harafin ya fito siriri daban da 'yan'uwansa. Saboda haka kafin in zaɓi salo sai na gwada waɗannan ukun tukuna.

Sai na roƙe shi abu ɗaya: a bidiyoyi na gaba ya daina dogon buɗewa. Sallama da gaisuwa namu ne, ba za a bar su ba, amma gaisuwar minti guda da roƙon a danna ƙararrawa kafin a taɓa abin da take ya ambata, ita ma tana sa mai kallo ya ji an ja masa rai. Yanzu yana sallama, ya shiga maganar kai tsaye, godiya ta biyo baya.

Da muka sauya, dannawa ta sauko zuwa wajen kashi 6. Ya kira ni hankalinsa a tashe. Na ce ya duba ɗaya zanen. Sababbin masu shigowa yawancinsu suna wuce daƙiƙa talatin, da yawa suna kaiwa tsakiya. A hankali bidiyon ya sake tashi, ba da gudu ba, kuma da hunturu ya dawo shi ne aka fi nema a tasharsa. Akwai ma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: idan YouTube ya fara nuna bidiyo ga waɗanda ba su san mai tashar ba, adadin dannawa yakan sauka ko da komai lafiya, domin baƙo bai kai na gida saurin dannawa ba. Don haka ba na yanke hukunci da wannan adadin shi kaɗai. A 2024 YouTube ya buɗe wa mutane Test & Compare, inda za ka ɗora hoto har uku ya gwada su a kan masu kallo. Wanda yake zaɓa shi ne wanda ya kawo lokacin kallo mafi yawa, ba wanda aka fi dannawa ba. Ina amfani da shi, sai dai ƙaramar tasha takan jira har sati biyu kuma a ce babu wanda ya yi fice.

Akwai aikin da ba na karɓa ko nawa ne. Ana zuwa mini da hoton wani jarumin fim ko malami, a ce in sa "Innalillahi" da hoton makara, alhali mutumin yana raye, a ciki labarin rasuwar wani ne daban ko ma ba rasuwa. Dokokin YouTube sun hana take da hoto masu ɓatarwa, kuma a ƙarshen 2024 kamfanin ya sanar da fara cire irin waɗannan bidiyoyi, ya soma daga Indiya, musamman na labarai. Amma ba tsoron cirewa ke hana ni ba. Wannan mutumin yana da uwa da 'ya'ya masu riƙe da waya. Wani yaro ya taɓa ce mini, "Yaya, kowa fa haka yake yi, kai za ka rasa kwastoma." Na rasa shi ɗin kuwa, da wasu biyu bayansa.

Wuri mai wuya shi ne tsakiya, inda ba ƙarya ƙarara ba amma an ɗan ƙara gishiri. Mai girki ta kawo masar da ta soya, in ƙara mata kala har ta fi ta cikin bidiyo kyau? Mai gyaran waya ya ce "cikin minti biyar", alhali sai da ya yanke jiran rabin awa? Haske da kala ina gyarawa daidai yadda ido zai ga abin a fili, ba na ɗauko masar wata in ɗora. Minti biyar kuwa sai mu rubuta gaskiyar lokacin, ko mu cire lokacin gaba ɗaya. In na rasa tabbas, yarinyar da ke mana lissafi nake kira, wadda ba ta ga bidiyon ba. In nuna mata hoto da take, in ce ta faɗa mini abin da take zaton za ta gani. Ranar Litinin da ta wuce na nuna mata na mai gyaran waya, ta ce za a koya mata sauya gilashin waya da kanta. Bidiyon kuwa kan yadda ake gane jabun gilashi ne kafin a saya. Na goge taken na koma na sake kallon bidiyon daga farko.