Mai Awon Ma'auni

Sana'ata duba kayan awon asibiti ce. Ni da yarana biyu muke zagaya ƙananan asibitoci masu zaman kansu a Kano, kuma abin da aka fi kiranmu a kai shi ne na'urar awon hawan jini da ma'aunin zafin jiki mai batir. Mai asibiti yakan ce ai ya riga ya gwada, ya auna kansa da na'ura biyu ya ga sun saɓa. Wannan ba gwaji ba ne. Jinin mutum yana hawa yana sauka cikin minti ɗaya, ko magana ya yi sai lamba ta motsa, don haka ba a kama laifin na'ura da damtsen mutum.

Mu da abin da ba ya motsi muke awo. Muna cire madaurin hannun, mu sa gwangwanin ƙarfe mai cin rabin lita a madadinsa, mu haɗa shi da na'urar asibitin da ma'aunin iskarmu da famfon hannu, duk a layin tiyo guda. Iskar da ta matsa wannan ita ta matsa wancan, dole su faɗi lamba ɗaya. Na'urar hawan jini mai batir sai an sa ta a tsarin gwaji tukuna, in ba haka ba za ta saki iskar da kanta, kuma kowane kamfani da irin maɓallan da ake dannawa. Daga nan mu hura, mu tsaya a 50, 100, 150, 200 da 250 mmHg, wato awon da ake ƙidaya hawan jini da shi. Saɓanin da aka yarda da shi 3 mmHg ne, sama ko ƙasa.

Wata babbar nas ta taɓa kirana, ta ce, "Malam, na'urar nan kowa ta ɗora wa hawan jini, ka ɗauke mana ita." Muka haɗa. A 100 ta nuna 101, a 200 ta nuna 202, a 250 ta nuna 252. Lafiyarta ƙalau. Sai muka mayar da madaurinta, muka naɗa shi a jikin bututun roba mai tauri, muka hura zuwa 250, muka jira iskar ta natsu, sannan muka duba agogo. Cikin minti ɗaya ta zubar da 11, alhali irin wannan na'urar bai kamata ta wuce 6 ba. Wata 'yar tsaga ce a bakin tiyon, inda ake lanƙwasa shi kullum in za a tura shi cikin durowa.

Amma ba tsagar ce ta ɗora wa mutane ciwo ba. A jikin madaurin an rubuta 22–32 cm, kuma shi kaɗai gare su. Na ce, "Hajiya, a auno mini damtsen matar da aka auna ɗazu." Aka zo da 38. Ƙaramin madauri a babban damtse ba ya matse jijiya yadda ya kamata, sai an ƙara iska, shi ya sa lambar take fitowa sama da gaskiya. Magani sabon tiyo da babban madauri, kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sabuwar na'ura ba. Nakan dai gaya wa masu asibiti cewa gwajinmu ya tabbatar na'ura tana jin iska daidai ne kawai. Lissafin da take yi a cikinta ta fitar da lambar sama da ta ƙasa daga bugun jini, wannan sai an gwada samfurin a kan mutane masu yawa, aikin masu bincike ne tun kafin ta shigo kasuwa.

Ma'aunin zafi kuwa ruwa yake so. Muna da tukunyar lantarki mai juya ruwa ta riƙe zafinsa a wuri ɗaya, namu ma'aunin yana tsome a ciki. Ruwan da aka zuba a kofi ba ya yi, domin samansa da ƙasansa ba zafi ɗaya ba ne. Muna farawa daga 36, mu hau 38, mu ƙare a 41, kuma tsakani sai an kashe ma'aunin ya huce, tunda lambar da ta fi girma yake riƙewa. Kuskuren da ake ƙyalewa 0.1 ne na digiri. A asibitin nan ɗaya ya nuna 37.7 a ruwan 38.0, ko da muka sauya masa batir. Ke nan yaro mai zazzaɓi zai iya komawa gida an ce ba komai. Irin masu arahar nan ba su da wurin saiti, sai dai a jefar.

Namu kayan ma duk shekara muke aika su a auna, su dawo da takardar shaida, kuma lambarta muke rubutawa a rahoton da muke bar wa asibiti, tare da 'yar takardar da muke mannawa a jikin kowace na'ura mai ɗauke da ranar gwaji da ranar da za a sake.