Rigar ankon da na ɓata da gyara huɗu a zama ɗaya

Shekarata ta biyu da buɗe shago, wata baiwar Allah ta kawo mini atamfar anko, tana son doguwar riga mai zif a baya. Na ɗinka, ta zo gwaji saura kwana uku biki. Tana tsayawa gaban madubi ta jero mini koke huɗu: wuyan yana buɗewa a baya, ƙirjin ya yi mata yawa, hannun ya yi faɗi, tsawon kuma yana sharar ƙasa. Na ce mata, "Anti, kada ki damu, gobe da yamma ki aiko a karɓa." A daren nan na zauna na yi duka huɗun. Na ɗage kafaɗa da rabin inci, na tsuke kowane gefe da rabin inci tun daga hammata, na rage faɗin hannu, na yanke inci ɗaya a ƙasa na kalmashe. Da na gama, don son a ce aikina da tsabta, na bi rarar yadin da ke ciki na datse da almakashi.

Washegari ba aike ta yi ba, da kanta ta dawo. Ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Dat ɗin ƙirji ya haura sama da inda ya kamata ya tsaya, rigar kuma ta ɗage har idon sawunta a waje. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina kallon rigar amma ban san wanne cikin gyaran huɗu ya jawo wace ɓarna ba, balle in san wanda zan farke.

Ƙannena masu koyon ɗinki, ga abin da ban gane ba a lokacin. Riga a kafaɗa take rataye, kamar yadda labule ke rataye a ƙarfensa. Duk abin da kika taɓa a kafaɗa sai ya motsa na ƙasa da shi. Rabin incin da na ɗage ya janye rigar sama gaba ɗaya: dat ya hau da rabin inci, ƙugu ya hau, bakin ƙasa ma ya hau. Wato tun kafin in ɗauki almakashi rabin matsalar tsawon ta riga ta warware, ni kuwa na sake yanke inci guda cur, ya zama inci ɗaya da rabi ke nan suka tafi.

Lissafin hammata ya fi wannan muni. Idan kika shiga ɗinkin kafaɗa da rabin inci, gaba ya rasa rabi, baya ya rasa rabi, zagayen ramin hannu ya ragu da inci ɗaya. Da na tsuke gefe tun daga hammata, sai wani incin ya sake tafiya ta ƙasa. Ramin da na yanka inci 17 ya koma wajen 15, ga hannun kuma na rage masa faɗi. Gyara uku suka taru a wuri guda, kowanne ni a tunanina wata matsala daban yake magancewa. Haka ƙirjin: gefe biyu ne, kowane gefe yadi biyu ne a haɗe, don haka rabin inci a keke inci biyu ne a jikin mutum. Na san wannan lissafin sarai tun ina ƴar koyo, amma gaggawa ta sa na auna da ido. Kuma yawan da ta gani a ƙirji, wani ɓangarensa saboda rigar ta zauna ƙasa da mazauninta ne. Da na gyara kafaɗa kaɗai na sake sa mata, da wataƙila kwata na inci a kowane gefe ya isa.

Na kwashi rigar na kai wa Hajiyar da ta koya mini ɗinki. Ta juya cikinta waje, ta ga inda na datse, ta ce, "Ke ƴar nan, wa ya aike ki da almakashi? Zare ana farke shi, yadi fa?" Da ƙyar muka samu ƙyallen da ya rage, muka sa ƙari a hammata, muka jona leshi a ƙasa a matsayin ado. Matar ta sa rigar a bikin, amma ba ta sake kawo mini ɗinki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu idan mutum ya zo da koke huɗu, ina sauraron duka, in rubuta, amma ɗaya nake taɓawa, kuma daga sama nake farawa. Kafaɗa da wuya tukuna. In kama da fil, in ja baya in kalla, in ce ta ɗaga hannu, ta zauna a kujera, ta sunkuya kamar mai ruku'u. Sau da yawa a nan koke ɗaya ko biyu suke ɓacewa da kansu. Sai ƙirji, sai ƙugu da ƙasansa, sai hannu, domin ba a daidaita hannu sai ramin da zai shiga ya tsaya. Kalmasar ƙasa ita ce ƙarshe, kuma da takalmin da za ta sa ranar nake auna ta. Wando da siket kuwa a ƙugu suke rataye, daga can ake farawa.

Amfanin wannan shi ne yadin yana gaya miki abin da ke damunsa, in dai kin bar shi ya faɗi abu ɗaya a lokaci guda. Tattara da ta kwanta a kwance, kamar an ja ta, alamar matsewa ce. Ninki da ya sauko a tsaye, yadi ne ya yi yawa. Wadda ta karkace kuwa, ki bi ta da ido, yawanci tana nuna inda ake jan rigar. In kin canza abu ɗaya kika ga sabuwar tattara, kin san mai laifin, ki zare fil ɗin ki koma inda kike. In huɗu kika canza, sai dai ki yi ta canka.

Na san za ku ce wa zai yarda ya yi zuwa huɗu, musamman a goman ƙarshe na azumi da kaya suka cika shago. Ba zuwa huɗu nake nufi ba. Duk wannan a zama ɗaya ake yinsa, minti ashirin da fil da alli, mutum yana tsaye. In gyaran babba ne, in buɗe takun keke zuwa mafi tsawo in bi layin, ta sake sawa, in ya zauna sannan in yi ɗinkin gaske. Ku kula da shadda a nan: tana riƙe ramin allura, ko kin farke tabon yakan nuna, don haka a kanta fil nake amfani da shi a cikin rarar ɗinki, ko in kama da hannu da siririyar allura.

Kuma kada a wuce gona da iri. Gefen dama da na hagu gyara ɗaya ne, tare ake yinsu, in ba haka ba rigar ta karkace. Abubuwan da ba su haɗa ɗinki ba, kamar canza maɓalli da ɗinke aljihun da ya yage, a yi su tare ba komai. Tambayar da nake yi wa kaina kafin in haɗa biyu ita ce: shin suna taɓa layi ɗaya, ko ɗayan yana rataye a kan ɗayan? In amsar e ce, na sama nake yi, na ƙasa ya jira.

Rarar ciki kuwa, nakan bar inci guda a kowane gefe, in goge ta da dutsen guga ta kwanta, ba na datsewa sai mai rigar ta sa ta, ta ga ta zauna mata daidai. Ko a lokacin ma, in mai jego ce ko yarinya mai tasowa, barin ta nake yi.