Waken kanti da ya ci mini kuɗi

Har yanzu in na buɗe kabad na ga ragowar ledar waken lentil ɗin nan sai raina ya sosu. A wani babban kanti a Ikeja na saye shi, lokacin da na fara neman rage tumbi ba tare da na rasa tsoka ba. Kowa cewa yake furotin ne zalla. Kuɗin da na biya kuwa ya sayi ninkinsa na waken gida a kasuwar Mile 12.

Sai da na zauna da biro na gane inda gizo ke saƙar. Lissafin ba wuya: ka raba giram na furotin da adadin kalori, ka ninka da 100. Dafaffen lentil giram 100 na da furotin giram 9 da kalori wajen 116, ke nan bai cika giram 8 a kalori 100 ba. Cikin abubuwa huɗun da na gwada, wato lentil, ƙwai, kifin tuna da yogot, shi ne na ƙarshe, domin yawancinsa sitaci ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, farin wakenmu ma kusan nan yake, wajen giram 7. Da na sani ai da wake na tsaya.

Ƙwai ya ɗan ɗara shi. Guda ɗaya babba na da furotin giram 6 da ɗoriya, kalori kamar 72, wato kusan giram 9. Amma fa dafaffe. Mai shayinmu na Agege in ya fasa biyu ya kwarara man gyaɗa cokali guda, ya ƙara kalori 120, lissafin ya faɗo ƙasa da giram 5. Yanzu cewa nake, “Malam, a dafa mini kawai.”

Kifin tuna na gwangwani ne ya yi zarra, sama da giram 20 in na cikin ruwan gishiri ne. Na cikin mai, ko ka tsiyaye shi, giram 15 ne. Kuma a duba nauyin kifin bayan an tsiyaye, shi ake ci, ba wanda aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban gwangwani ba. Tsada ce ta sa ba kullum nake cinsa ba.

Tataccen yogot marar maiƙo na kai giram 17, mai maiƙo kuwa 9, daidai da ƙwai. Na kanti ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa nake haɗa kindirmo da madarar gari marar maiƙo, in juye a farin ƙyalle ya kwana a firij yana ɗiga. Kusan rabi ke saura, kuma in an ɗauke wuta a zafin Legas kafin safe ya yi tsami.

Lentil ɗin dai ina cinye shi a hankali, da tuna a kai. In ya ƙare, wake zan auno.