Lambar da ke tsayawa da wadda ba ta tsayawa: gwajin raga a bakin rami da kusurwa

Aikin da ya zo hannuna ƙarami ne: maƙala ce mai siffar L da aka yanko daga farantin ƙarfe S275 mai kaurin milimita 10, za ta ɗauki nauyin 2 kN a ƙarshen hannunta. Tsawon hannun milimita 150, zurfinsa 40. A zanen da aka ba ni, kusurwar ciki, inda hannu ya haɗu da ƙafa, a tsaye take cak, digiri 90, ba lanƙwasa ko kaɗan. Tambayar mai aikin ɗaya ce: za ta ɗauka ko ba za ta ɗauka ba?

Kafin in taɓa maƙalar, na fara da abin da na riga na san amsarsa, domin in tabbatar ragar da nake yi da irin elamen ɗin da na zaɓa suna faɗar gaskiya. A irin wannan lissafi na kwamfuta, ana rarraba siffar ƙarfen zuwa ƙananan gutsattsari da ake kira elamen, haɗuwarsu kuma ita ce raga. Na ɗauki faranti mai faɗin milimita 100, kauri 10, da rami mai faɗin 20 a tsakiya, aka ja shi da 50 kN. Tun 1898 Kirsch ya nuna cewa a faranti mai faɗi sosai, sitires, wato ƙarfin ja ko matsi da ke kan kowane ɗan fili a cikin ƙarfe, a gefen rami yakan ninka na nesa sau uku. Nawa farantin ba shi da wannan faɗin, don haka na yi amfani da ƙiyasin Heywood, inda Kt shi ne ninkin, d faɗin ramin, W kuma faɗin farantin:

```
Kt = 2 + (1 - d/W)^3 = 2 + 0.8^3 = 2.51
```

Ƙarfen da ya rage a gefen ramin milimita 80 ne sau 10, wato sitires na tsaka-tsaki a wurin 62.5 MPa. Idan aka ninka da 2.51, za a samu kusan 157 MPa. Wannan lambar na rubuta a takarda na ajiye kusa da kwamfuta tun ban latsa komai ba.

Na yi ragar a manhajar Gmsh, na warware a manhajar CalculiX da elamen CPS8, mai mahaɗa takwas, wato ɗigogin da yake haɗuwa da maƙwabtansa. Rubu'in farantin kawai na zana tunda ɓangarorin daidai suke. Sai na riƙa raba girman elamen na bakin ramin gida biyu a kowane zagaye, na bar na nesa yadda suke. A milimita 4 na samu 141 MPa. A 2 ya zama 153. A 1 ya kai 156, a rabin milimita kuma 156.8.

Lambar ƙarshe ba ita ce ta fi ɗaukar hankalina ba, tazarar da ke tsakani ce: 12, sai 3, sai 0.8. Kowace tazara kusan rubu'in ta baya ce, kuma haka ake tsammani daga elamen irin wannan idan wurin ba shi da matsala. Da zarar ka ga tazara tana raguwa da tsari irin haka, kana iya hango inda za ta tsaya: ka ɗauki ta ƙarshe ka raba uku ka ƙara, wato 156.8 da kusan 0.3, ka sami 157. Wannan ita ce dabarar Richardson. Ta haɗu da lambar da ke kan takardata, hankalina ya kwanta. Abin da ya sa nake dagewa a kan raga uku aƙalla ke nan. Raga biyu tazara ɗaya kawai suke bayarwa, kuma tazara ɗaya ba ta gaya maka ko ana matsowa kusa da amsa ne ko ana tafiya ba birki.

Akwai wasu abubuwa biyu da na duba a bakin ramin. Na farko, gefen rami sakakke ne, babu abin da ke danna shi, saboda haka sitires ɗin da ke fuskantar gefen kai tsaye ya kamata ya zama sifili. A raga mai milimita 4 na ga ya kai wajen 10 MPa, a mafi ƙanƙanta kuwa ya kusa ɓacewa. Wannan ma'aunin kuskure ne da ba ya buƙatar littafi. Na biyu, na kashe haɗa matsakaici da manhaja ke yi a kowace mahaɗa, don in ga abin da kowane elamen ke faɗa shi kaɗai. Hoton launuka mai santsi yana ɓoye saɓani: elamen biyu maƙwabta na iya cewa 130 da 152 a mahaɗa ɗaya, manhaja ta nuna maka 141 lafiya lau. Ni dai idan saɓanin ya wuce kashi 5 cikin ɗari a wurin da zan ɗauki lamba, ban gama ba.

Sannan na koma kan maƙalar. Lissafin hannu ya ba ni 112 MPa na lanƙwasawa a gindin hannun: 2000 N sau 150, a raba da 2667, wanda ya fito daga kauri sau zurfi sau zurfi a raba shida. Na bi tsarin ɗazu, girman elamen 4, 2, 1 da rabin milimita a kusurwar ciki. Sitires na Von Mises, wanda ake gwadawa da iyakar sakin ƙarfe, a tsinin kusurwar ya ba da 180, sai 247, sai 338, sai 463.

Nan tazarar ba ta raguwa, ƙaruwa take yi: 67, 91, 125. Da na raba kowace lamba da wadda ta gabace ta, sai na riƙa samun 1.37 a kowane mataki. Wannan lambar ba ta faɗo daga sama ba. A 1952 Williams ya nuna cewa a kusurwar ciki mai tsini, a ƙarƙashin lissafin da ya ɗauka ƙarfe ba ya taɓa saki, sitires yana hawa ba iyaka yayin da kake matsowa tsinin. Ga kusurwa irin tawa, inda ƙarfe ya kewaye digiri 270, idan sigma shi ne sitires, r kuma nisa daga tsinin:

```
sigma ~ r^(-0.455)
2^0.455 = 1.37
```

Wato duk lokacin da ka raba elamen biyu, ka matso da wurin awo rabin tazara zuwa tsinin, lambar kuma ta ƙaru da kashi 37 cikin ɗari. A bakin tsaga, abin ya fi haka kaɗan, 1.41. Wannan shi ake kira singulariti. Manhajar ba ta yi kuskure ba. Amsar lissafin a wannan ɗigon ba ta da iyaka, ita kuma tana ta binta ne, kamar mai bin inuwarsa da gudu.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne yadda kowane ɓangare zai iya samun hujja. S275 yana fara saki a 275 MPa. Wanda ya tsaya a raga mai milimita 4 zai ga 180, ya sa hannu ya ce lafiya. Wanda ya ƙara himma ya kai rabin milimita zai ga 463, ya ce a ninka kaurin faranti. Dukansu girman elamen suka auna, ba ƙarfin maƙala ba. Na sha ganin rahotanni ɗauke da jan ɗigo a kusurwa, an rubuta lambarsa a matsayin sakamako, ba a ko faɗi girman ragar ba. A ganina wannan ya fi rashin yin lissafin haɗari, domin yana zuwa da kamannin tabbaci.

Sai dai ba dukan samfurin ne ya lalace ba. Sunkuyawar ƙarshen hannun ta tsaya tun raga ta biyu, canjin da ya biyo baya bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Jimlar ƙarfin da ke wurin riƙo ta dawo 2 kN daidai. Na kuma ja layi daga kusurwar tare da saman hannun, na ɗora sakamakon ragogi huɗun a kan zane ɗaya. Daga wajen milimita 10 zuwa gaba layukan sun hau kan juna, suna bin lissafin hannu. Elamen biyu ko uku na kusa da tsinin ne kawai suka rabu, kowane yana hawa sama da na baya. Wannan zanen shi ne hanyar da na fi amincewa da ita wajen gane iyakar wurin da cutar ta shafa.

Haka abin yake a wasu wuraren da ba kusurwa ba. Idan ka ɗora nauyi a kan mahaɗa ɗaya tak, ko ka daskarar da wata fuska gaba ɗaya, gefen wurin riƙon zai nuna irin wannan hawan. Idan ba can ne idonka yake ba, ƙa'idar Saint-Venant ta ba ka damar wucewa, muddin wurin da kake aunawa ya yi nisa kamar zurfin ƙarfen ko fiye.

Amma a maƙalata kusurwar ita ce wurin da tsaga za ta fara, don haka ba zan iya kau da kai ba. Na je wurin mai yankan na tambaye shi.

"Malam, idan ka yanka wannan, kusurwar za ta fito da tsini kamar yadda aka zana?"

Ya ce, "Injiniya, ai babu bakin inji da ke fitar da tsini. Ko ba ka ce komai ba sai ya bar ɗan lanƙwasa. Ka dai faɗa mini nawa kake so."

Muka tsaya a radiyos na milimita 5. Tsawon bakan ya kusa milimita 8, saboda haka elamen mai milimita 4 guda biyu kawai zai zauna a kansa, kuma biyu ba su isa su kama siffar ba balle sitires. Na fara daga milimita 2, na samu 198 MPa, a 1 na samu 204, a rabi 205.5. Tazara ta koma raguwa, ta nufi wajen 206, kusan ninki 1.8 na lissafin hannu. Abin lura shi ne wannan lambar ta fi 180 ɗin da raga mai faɗi ta bayar a kusurwa mai tsini. Ashe kusurwa mai tsini ba kullum take zuzuta haɗari ba. Da raga mai faɗi tana iya rage shi. Tun daga nan nake sa elamen shida zuwa takwas a kan kowane baka mai digiri 90 a matsayin mafari, sannan in raba biyu in ga ko ya motsa.

Ko da lambar ta tsaya, akwai sauran hukunci. Idan nauyin a zaune yake ba ya motsi, ƙarfe mai laushi irin S275 yana iya ɗan saki a ɗan ƙaramin wuri ya rarraba nauyin, don haka 112 na dukan sashen ya fi 206 muhimmanci. Idan kuwa nauyin yana hawa yana sauka, kamar inda inji ke girgiza, to 206 ɗin ne ke yanke tsawon ran maƙalar, tare da yanayin fuskar yankan. Wannan maƙalar kusa da inji mai juyawa za a ɗaura ta, saboda haka a rahoton na sa lambobin ragogi uku na lanƙwasar tare da girman elamen na kowace, na bayyana cewa lambobin kusurwa mai tsini ba abin dogaro ba ne. A kan zanen kuma na rubuta R5 a kusurwar, tare da umarnin a goge tabon yanka daga cikin bakan har ya yi sumul.