"Ba ni caja": yadda nake ƙara ciniki a shagon kayan waya ba tare da na gundure mai saye ba

Shagona na kayan waya yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma maganar da na fi ji a kullum ita ce "ba ni caja". Mai faɗin haka yawanci ya riga ya yanke abin da zai kashe tun daga gida, kuɗin na hannunsa, wani ma bai kashe mashin ɗinsa ba. Idan na miƙa masa mai arha na karɓi kuɗi, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Idan kuma na shiga jero masa kaya, ga iyafis, ga fawa banki, ga rigar waya, zai ce "wani lokaci" ya tafi, gobe ya tsaya a shagon maƙwabcina. A tsakanin waɗannan biyun nake neman abincina, kuma abin da na gano shi ne wayar mutum ce ke faɗa mini abin da zan yi masa tayi. Kayan da suka daɗe a kanta ina son rabuwa da su ba su da ta cewa.

Saboda haka kafin na taɓa kowane kwali sai na ce, "Malam, mu ga wayar." Abu uku nake dubawa: irin bakin cajinta, ko Micro USB ne ko USB-C, ƙarfin wutar da take iya ɗauka, da kuma ko ramin cajin a toshe yake. Na ukun nan ba ƙaramin abu ba ne a garinmu, musamman lokacin hunturu. Ƙura da zaren aljihu suna taruwa su dunƙule a cikin ramin, igiya ta ƙi shiga har ƙarshe, mutum ya ɗauka cajarsa ce ta mutu. Nakan kashe wayar, na sa tsinken sakace a hankali na fitar da dattin, ba na sa allura don ƙarfe na iya lalata haƙoran ciki. Sau da yawa tsohuwar cajar sai ta kama. Ranar ban sayar da komai ba, amma duk abin da na gaya wa mutumin nan gaba zai saurara.

Ga yadda wani ciniki ya gudana. Wani matashi mai sana'ar POS ya zo da Samsung Galaxy A15, ya ce caja yake so ta dubu biyu da ɗari biyar, irin wadda ya saba saye. Wayar nan batirinta 5,000mAh ne, tana ɗaukar caji har 25W, amma kan cajar da ya nuna an rubuta masa 5V da 2A. In ka ninka biyar sau biyu ka samu goma, wato 10W ke nan, ƙasa da rabin abin da wayar ke iya sha. Na ɗauko masa abin da ya nema na ajiye a gabansa, don ya san ba hana shi zan yi ba. Sannan na yi masa tambaya ɗaya: "A ina kake caji, kuma wuta tana daɗewa a wajenku?" Ya ce a wajen mai caji yake bayarwa da rana, in an kawo wuta da dare kuma ba ta cika daɗewa ba.

Amsar nan ita ta buɗe mini ƙofa. Na ce, "Bari in nuna maka wani abu, in bai yi maka ba ga taka nan." Ina da soket a kan teburi saboda irin wannan. Na jona wayarsa da ƙaramin kan, allon ya nuna tana caji, da lokacin da ya rage kafin ta cika, sama da awa biyu. Na cire na jona ta da kan 25W, sai allon ya rubuta Super fast charging, lokacin ya sauko zuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Ban rantse ba, ban ce "wallahi orijina ce" ba. Wayarsa ce a hannunsa, da idonsa ya karanta. Na ce, "Wannan dubu tara ce. Waccan ma za ta yi maka caji, sai dai a hankali." Daga nan na yi shiru.

Shirun nan yana da wuya ga ɗan kasuwa, domin baki na ƙaiƙayi ya ƙara yabon kaya. Amma mutum lissafi yake yi a ransa, yana auna dubu shida da ɗari biyar da zai ƙara da abin da yake biyan mai caji kullum, da kwastomomin da ke wucewa in wayarsa ta mutu. In ka katse shi da surutu sai ya ji ana tura shi, ya koma kan mai arha don ya tsira. Ya ɗan juya kan cajar a hannu, ya taya dubu takwas, muka daidaita a takwas da ɗari biyar.

Sai maganar igiya. Kan 25W na Samsung bakinsa USB-C ne, don haka yana buƙatar igiya mai USB-C a kai biyun. Tsohuwar igiyarsa mai faffaɗan kai ba za ta ma shiga ba. A nan ba tallan ƙarin kaya nake yi ba, in ban faɗa ba zai isa gida ya tarar ya sayi abin da ba zai iya jonawa ba. Duk da haka sai da na tambaye shi ko igiyar da ta zo cikin kwalin wayar tana nan, domin irin wannan wayar takan zo da igiya ko da ba ta zo da kan caja ba. Da ya ce tana gida, da na ce ya yi amfani da ita. Ya ce a hannu ya sayi wayar, ba kwali. Na ba shi igiya ta dubu biyu, na gwada ta a gabansa. Wanda ya shigo da niyyar kashe dubu biyu da ɗari biyar ya tura mini dubu goma da ɗari biyar, kuma bai fita yana jin an yi masa wayo ba.

Akwai abu na uku da na san yana buƙata, wato fawa banki, amma ban ɗauko ba. Mutum ya riga ya ninka abin da ya yi niyya sau huɗu, in na sake fito da wani kwali sai duk bayanin da na yi a baya ya koma kamar tarko. Da yake sa kayan a leda na ce kawai, "Duk ran da ka shirya sayen fawa banki ka zo da wayar mu gwada." Da ya dawo daga baya na gaya masa gaskiyar lissafin: mai 10,000mAh ba zai cika wayar 5,000mAh sau biyu ba. Ana auna wancan adadin ne a kan 3.7V na batirin ciki, kuma wajen ɗaga wutar da tura ta cikin waya wani kaso yana tafiya a zafi. Abin da zai samu cikawa ɗaya ce da ɗan ƙari. Na fi son ya ji haka daga bakina, da ya gano da kansa ya dawo yana cewa na sayar masa da jabu. Mai 20,000mAh ya ɗauka.

Ba kowa ake yi wa wannan tayin ba. Dattijo ya zo da ƙaramar Itel mai Micro USB, wayar da ba ta ɗaukar fiye da 10W, in ka sayar masa da kan 25W ka ci kuɗinsa a banza, domin waya ba ta jan wutar da ta fi ƙarfinta. Abin da nake ce masa shi ne, "Baba, wannan ƙaramar ta ishe ka, sai dai mu zaɓi mai igiya mai kauri." Haka kuma yawan lambar da ke jikin kwali ba ya nufin kowace waya za ta yi sauri. Wayoyin Tecno da Infinix da yawa masu 33W ko 45W sai da kansu da igiyarsu suke kai wannan ƙarfin, in ka jona su da kan wani kamfani sai su sauko ƙasa. Shi ya sa ba na yin alkawarin sauri sai na jona mun gani tare.

Ɗan aike kuwa ba na yi masa tayi ko kaɗan. Mata da yawa daga cikin gida suke aiko yaro da kuɗi a ƙidaye, wani lokaci da tsohuwar cajar don a ba shi irinta. In ka lallashi yaro ya ƙara da canjin da ya kamata ya mayar, ka jawo masa faɗa, kai kuma sunan shagonka ya ɓaci a gidan da ba ka taɓa shiga ba. In na ga akwai abin da ya fi dacewa, sai in ce ya kira Hajiya mu yi magana, ko in ba shi abin da aka aiko shi, in rubuta sunan ɗayan da kuɗinsa a takarda ya kai mata.

Gilashin fuska da rigar waya lokacinsu daban ne. Ba na ambatonsu sai in wayar tana hannuna kuma na ga dalili: gilashin ya tsage, ko kusurwoyin wayar sun ɗaɗɗauje alamar tana yawan faɗuwa, ko sabuwa ce fil ba komai a jikinta. Sai in nuna wurin da yatsa in ce, "Ka ga nan? Gilashin ne ya tare, amma ya gama aikinsa." Farashin canza allo kowa ya san ya ninka na gilashi sau da yawa, ba sai na tsoratar da mutum da shi ba. In ya ce a bari, an bari. Ba na maimaita tayi bayan an ce a'a.

Alamun gundura ba ɓoyayyu ba ne. Mutum zai miƙo hannu ya karɓe wayarsa, ko ya fara kallon titi, ko ya ce "nawa ne kuɗina duka?" tun ba ka gama magana ba. Wani kuma kunya ce za ta hana shi ƙi, musamman in ya zo da abokinsa ko in ya girme ka kuna mutunci. Wannan ya fi haɗari, don zai saya yana murmushi amma ba zai sake dawowa ba. In na lura mutum yana lissafin kuɗin aljihunsa a gaban wani, ni da kaina nake buɗe masa hanyar fita: "Ɗauki wannan tukuna, ɗayar tana nan ba inda za ta."

Yaran shagona ma sai da na sauya yadda nake ba su ihisani. In ka ɗora ladan yaro a kan yawan kayan da ya tura, zai takura wa kowa, har Baba mai Itel. Yanzu duk kayan da aka dawo da su cikin mako guda saboda ba su dace da wayar ba, ana cire su daga lissafinsa. Kuma kowace caja da ta wuce dubu biyar sai an gwada ta a wayar mai saye, an rubuta kwanan wata da alƙalamin maka a jikin kwalin kafin ta bar shago.