Rabin Cokali

Jiya da la'asar na tarar da ɗan ƙanwata a ƙofar gida, nan Anguwan Rogo, yana ta buɗa hoto da yatsu biyu a waya. Sakataren ƙungiyar unguwa ne ya turo masa hotunan abin da ya rubuta da biro a taron ranar Lahadi, wai ya mayar da shi labari don 'yar mujallarmu. Na ce, "Ka je taron kuwa?" Ya ce, "Kawu, ai komai yana ciki." Gabana ya faɗi, don ni ma haka na taɓa cewa.

A wata damina, wata jami'ar lafiya ta yi mana jawabi kan gudawar yara. Ban je ba, ina Bukuru wajen jana'iza. Aka turo min hoton shafi uku, an ɗauka da dare, inuwar hannu ta rufe gefe. Ta bayyana haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sakatare ya rubuta 1/2, sandar tsakiya ta faɗa daidai kan lanƙwasar takarda. Ni kuwa na karanta 1-2, na rubuta "cokali ɗaya zuwa biyu", muka buga, muka raba bayan Juma'a. Ninki huɗu ke nan ga wanda ya zuba biyu, kuma gishiri mai yawa illa ne ga yaron da ruwan jikinsa ya ƙare.

Laifina ne. Ko da yake rubutun mutumin nan kamar kaza ta yi tono, mai buga takarda kuma yana ta kirana. Amma lambar matar tana wayata! Ita ta gano, muka bi gida-gida muna karɓe takardu. Akwai kuma "hukuma ta yi sake" a gefen shafi, na sa mata a baki, ashe ra'ayin sakatare ne.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, biyu suka rage. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ke takarda. Kuma kada ka yarda da takardar, don sakatare ya rubuta wa kansa ne, domin ya tuna, rabin maganar tana cikin kansa. Ka kira shi ya karanta maka shafin da bakinsa, a jere, tun da hotuna kan iso a hargitse. Kowace lamba kuma, da duk jimlar da za ka ce "in ji ta", ka karanta wa mai jawabin kafin a buga.

Amma ku yaran yanzu kiran waya kamar an ce ku ɗauki dutse. Na gama ba shi labarin nan kaf, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "To Kawu, zan tura masa saƙo."